Yadda ake buga gwiwa da gudumar roba, da yadda ake karanta amsar da ƙafa ta bayar

Duk shekara idan sabbin ɗalibai suka zo koyon aikin jinya a nan Tawa, ranar da na fara miƙa musu gudumar roba sai an yi dariya. Wannan ya kai wa ɗan'uwansa bugu kamar mai fasa goro, wancan ya dinga taɓa ƙoƙon gwiwa a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai, ƙafa kuwa ta yi mirsisi. Daga nan sai wani ya ɗago ya ce, "Malam, wannan ba shi da jijiya." Jijiyarsa lafiya lau, hannun mai bugun ne bai iya ba tukuna.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ba gwiwa ake gwadawa ba. Ana gwada wata gajeriyar hanya ce da saƙo ke bi daga tsokar cinya zuwa laka, wato farin abin nan da ke kwance cikin ƙashin baya, sannan ya juyo ya komo cinyar. Idan ƙafa ta ƙi harbawa, hanyar ce ta yanke a wani wuri. Idan ta harba fiye da kima, hanyar lafiya take, amma abin da ke riƙe da linzaminta daga sama ne ya saki. Duk sauran bayanin a kan wannan ya ginu.

Abin da ke faruwa tsakanin bugu da harbi

A gaban cinya akwai babbar tsoka mai kai huɗu, ita ce ke miƙe ƙafa. Ƙarshenta ya zama igiya mai tauri wadda ta rungume ƙoƙon gwiwa, ta wuce ƙasa ta manne a wani ɗan tudu da ke saman ƙashin ƙwauri. A Hausa kalmar jijiya ta haɗa abubuwa uku, ta jini da ta saƙo da wannan igiyar, shi ya sa a nan zan riƙa ce wa igiyar agara, in bar jijiya ga mai ɗaukar saƙo kaɗai.

Idan guduma ta sauka a kan agarar, sai ta lotsa ciki, ta fizgi tsokar cinya. Fizgar ƙanƙanuwa ce, ido ba ya ma ganinta, amma farat ɗaya take zuwa, kuma saurin ne ke da muhimmanci. Cikin naman tsokar akwai wasu ƴan ƙananan abubuwa masu kumburi a tsakiya da tsini a kai biyu, tsawon kowanne milimita kaɗan. Masana sun sa musu sunan mazari, kuma duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi zai ce sunan ya dace, har da zaren: bakin jijiya ya nannaɗe tsakiyar kowane mazari kamar yadda zare ke nannaɗe na kaɗi. Mazaran suna kwance ne a jere da zaren tsokar, saboda haka duk abin da ya ja tsoka ya ja su. Aikinsu ke nan, su faɗa wa laka ko tsoka ta ƙara tsawo, da kuma saurin da ta ƙara shi.

Saƙon mazari yana hawa ta jijiyar gaban cinya, a kan zare mai kauri da ke cikin mafi sauri a jikin mutum, fiye da mita 50 a sakan guda. Yana shiga laka ta saiwar jijiya ta baya, a gaɓoɓin ƙasan laka da ake rubutawa L2, L3 da L4, mafi yawa L3 da L4. A can ciki ba ya jiran kowa. Kai tsaye yake taɓa ƙwayar jijiyar da ke ba tsoka umarni, mahaɗa guda ɗaya tak, sai umarni ya fito ta saiwar gaba ya gangaro ta wannan jijiyar ta cinya, tsoka ta tsuke, ƙafa ta harba. A daidai lokacin wani reshe na saƙon yana bi ta wata ƙaramar ƙwaya ya sa tsokar bayan cinya ta saki, don kada su yi ja-in-ja. Zuwa da dawowa ba su kai kashi 3 cikin 100 na sakan ba. Wanda ya ji bugu sannan ya harba da gangan yana bukatar kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na sakan, shi ya sa idon da ya saba yake gane harbin ganganci: yana makara.

Ba don likita aka halicci wannan hanya ba. Ita ce ke tare ka idan ka sauko daga amalanke da buhu a ka gwiwa ta nemi lanƙwashewa, kafin ka ankara ta miƙe. Irinta ce a wuya take fizgo kan mai gyangyaɗi a motar Yamai. Likitoci biyu na Jamus, Erb da Westphal, su suka bayyana amfanin harbin gwiwa wajen duba marar lafiya, kowa da nasa rubutun, a shekarar 1875.

Ƙwaƙwalwa ba ta cikin wannan zagayen, amma ba ta sake shi ba. Akwai hanyoyi da ke saukowa daga gare ta ta cikin laka suna danne shi kada ya yi yawa, akwai kuma wasu siraran jijiyoyi da ke ɗaure mazarin kansa ko su sassauta shi, kamar mai gyara tsirkiyar gurmi. Wannan ne dalilin da mai fargaba yake harbi da ƙarfi, kuma shi ne dalilin da lalacewar laka a sama take sa harbi ya haukace.

Matakan bugun

Na farko, ka gaya wa mutum abin da za ka yi. Dattijon da ya ga ka nufo shi da guduma ba bayani zai ƙanƙame jiki, kuma tsokar da aka ƙanƙame ba ta amsawa. Ni nakan ce, "Baba, zan ɗan taɓa ƙasan gwiwarku da wannan robar, ba zafi, ku saki ƙafar kamar ba taku ba." Wani lokaci in fara buga tafin hannuna ya gani.

Na biyu, zama. A zaunar da shi a bakin gadon dubawa ko tebur mai tsayi, ƙafafu suna reto ba su taɓa ƙasa ba, gwiwa a lanƙwashe kamar kusurwar ɗaki, bayan gwiwa bai matse da bakin gadon ba. Idan kujera ce gajera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a buga ta saman. Wanda ba ya iya zama, a bar shi rigingine, ka sa hannunka na hagu ƙarƙashin gwiwarsa ka ɗaga kaɗan har ta ɗan lanƙwashe, diddige yana kan shimfiɗa, nauyin ƙafar duka yana hannunka. Idan ka ji ƙafar ba nauyi, shi ke riƙe da ita, bai saki ba.

Na uku, a yaye tufa har tsakiyar cinya. Ga mace, a nemi izini, a sa wata mace a ɗakin, a gyara zane yadda ba za ta takura ba. Ba a bugu ta saman wando mai kauri, kuma kana bukatar ganin tsokar, domin wani lokaci ƙafa ba ta motsawa amma cinya tana ɗan zabura, wannan ma amsa ce.

Na huɗu, nemo wurin da yatsa kafin guduma. Ka taɓa ƙasan ƙoƙon gwiwa, ka gangara har ka ji tudun ƙashin ƙwauri. Tsakaninsu akwai kamar faɗin yatsa biyu zuwa uku, wuri mai tauri amma yana lotsawa. Nan ne. Mafi yawan ƙafafun da ɗalibai ke cewa sun mutu, ƙashi aka buga musu.

Na biyar, bugun kansa. A riƙe guduma daga ƙarshen ƙotarta da babban yatsa da manuni, sako-sako, a bar nauyin kanta ya faɗo daga wuyan hannu, ta taɓa ta dawo. Kada a tura ta a danne, domin jan da ya zo a hankali ba ya tayar da mazari yadda ake so. Ɗaya hannun ya kwanta a kan cinya yana sauraro. A bar sakan biyar ko fiye tsakanin bugu da bugu, kuma kada a yi su a kan kari ɗaya har mutum ya san lokacin da na gaba zai zo. Inda babu guduma, kamar yadda yake a ɗakunan shan magani da yawa na karkara, gefen tafin hannu yana yi, ko kan yatsu uku a haɗe.

Na shida, a buga ɗaya ƙafar da ƙarfi iri ɗaya, a koma ta farko, a sake. Bambanci tsakanin dama da hagu ya fi ƙarfin harbin kansa magana. Akwai masu lafiya da harbinsu ke da rauni a ko'ina tun haihuwa, akwai masu zafin harbi a ko'ina, amma mai lafiya ba ya cika zama dama daban hagu daban.

Na bakwai, kuma nan ne aka fi yin ganganci: kada ka rubuta cewa babu harbi sai ka yi dabarar Jendrassik, wani likita ɗan ƙasar Hangari. Mutum ya sarƙe yatsun hannuwansa biyu a gaban ƙirji kamar ƙugiya, ka ce, "Idan na ce ja, ku ja da ƙarfi," ka buga a daidai lokacin da ya ja. Wanda hannunsa ba ya yi, ya cije haƙora. Wannan yana ɗauke hankalinsa daga ƙafar, yana kuma ɗan zaburar da ƙwayoyin laka. Sau da yawa ƙafar da ta yi shiru sau biyar sai ga ta ta amsa.

A takarda ana rubuta 0 idan babu komai ko da an yi dabarar, 1+ idan da rauni, 2+ daidai, 3+ da zafi, 4+ idan ya yi zafi har da karkarwa mai maimaita kanta. Ni dai ban cika yarda da lambar da wani ya rubuta ba sai na ga ya rubuta ta ƙafa biyu, domin 1+ na wani shi ne 2+ na wani.

Idan ƙafa ta yi shiru

Ka bi hanyar a zuci daga farko zuwa ƙarshe, kana tambayar inda ta yanke. Tana iya yankewa a jijiyoyin ƙafa, kamar a ciwon suga da ya daɗe, sai dai shi daga nesa yake farawa, harbin agarar diddige ke fara ɓacewa a ƙafa biyu tun gwiwa tana amsawa, tare da jin kamar ana tafiya a kan auduga. Tana iya yankewa a saiwa, idan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu ya bultso ya danne L4 ko L3, sai a sami harbi ya ragu a gefe ɗaya da ciwo mai sauka ta gaban cinya. Tana iya yankewa a cikin laka, a ƙwayar da ke ba da umarni, kuma wannan ƙwayar ce shan inna ke ci, shi ya sa ƙafar yaron take yin laƙwas, babu harbi, amma yana jin taɓi. Idan kuwa rauni ya faro daga ƙafafu biyu yana hawa cikin kwanaki, harbi ya ɓace ko'ina, a tuna da ciwon Guillain-Barré, a tura shi babban asibiti tun numfashi bai taɓu ba. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ƙa'ida ce a sanar da masu sa ido kan cututtuka a ɗauki bayan gidansa sau biyu, ko da an shelanta a 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Abu ɗaya da ke ruɗa mutane: allurar ɗuwawu da ta taɓa babbar jijiyar bayan cinya ba ta kashe harbin gwiwa, domin ba ita ke ɗauke da shi ba. Diddige da ɗaga tafin ƙafa take taɓawa.

Idan ƙafa ta harba fiye da kima

Wani manomin albasa, shekarunsa kamar 45, ƙanensa ya kawo shi bayan wata uku yana ciwon baya. An sha ce masa sanyi ne, an yi tsaga, an sha jiƙe-jiƙe. Ya rame, yana zufa da dare, kuma mako biyu ke nan ƙafafunsa sun yi nauyi, takalmi yana zame masa bai sani ba. Ɗalibar da ke tare da ni ta ce tun da ƙafafun ba ƙarfi, ba za su harba ba. Haka kowa ke zato da farko.

Ta buga ta dama, ƙafar ta tashi har ta kusa samun ta a haɓa. Ta hagu ma haka, har cinyar ɗaya gefen tana zabura. Muka rubuta 3+ duka biyu. Na tallafi gwiwarsa, na kama tafin ƙafar na tanƙwara shi sama da sauri na riƙe, sai ƙafar ta shiga bugun hannuna kamar mai taka keken ɗinki, ba ta tsaya ba sai da na saki. Na ja bayan ƙotar guduma a gefen tafin ƙafa na waje daga diddige zuwa gindin yatsu, babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe ƙasa. Wannan ita ce alamar da likitan Faransa Babinski ya bayyana a 1896. Ga jariri ba komai ba ce, ga babba kuwa tana nufin hanyar da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Na tambaye ta, "To, ina ciwon yake?" Ga yadda muka bi shi. Harbi yana nan, saboda haka mazari da jijiyar cinya da L3 da L4 duk lafiya suke, ciwon yana sama da su. Sai muka hau hannu: muka buga agarar gaban gwiwar hannu, wadda ke bi ta gaɓoɓin laka na wuya, C5 da C6, da ta bayanta, wadda ke bi ta C7. Duka 2+, ƙarfin damƙa daidai, fuska daidai, magana daidai. Ke nan ba wuya ba ne, kuma da wuya ya zama ƙwaƙwalwa, domin shanyewar ɓarin jiki gefe ɗaya take kamawa, hannu da ƙafa tare. Abin da ya rage shi ne tsakiyar baya. Na ɗauki tsinke ina taɓa fata daga cinya ina hawa, yana cewa, "Ina ji, amma kamar daga nesa," har muka iso daidai cibiya ya ce, "Yauwa, nan ya yi kaifi." Cibiya ita ce iyakar T10, ɗaya daga gaɓoɓin laka na tsakiyar baya. Da ya juya muka yaye riga, ga ɗan ƙusumbi mai tsini a ƙashin baya, taɓa shi ya sa ya yi ƙara.

Tun kafin a ɗauki hoto mun san tsayin da za a ce a ɗauka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da kuɗin hoto ɗaya ke hannunsa: da an bi bakinsa an ɗauki ƙugu, da an ce ba a ga komai ba. Hoton ya nuna ƙasusuwa biyu sun cinye sun rufta kan juna, tarin fuka na ƙashin baya. Tambayar da ba a mantawa a irin wannan hali ita ce ta fitsari da bayan gida, ko yana riƙewa, ko yana fita. Idan sun fara taɓuwa, ba a kwana ana shawara.

Akwai tarko a nan. Wanda ya faɗo daga mota ko rijiya ta rufta da shi laka ta ji rauni yanzu-yanzu, ƙafafunsa za su yi laƙwas babu harbi na kwanaki, wani har makonni, kafin zafin harbin ya bayyana. Rashin harbi a ranar hatsari ba ya wanke laka. Haka kuma 3+ a ko'ina ga matashi mai fargaba, ba rauni, ba karkarwa, yatsa yana lanƙwashewa ƙasa, yawanci ba ciwo ba ne. Gwajin bai san komai game da ƙananan jijiyoyin zafi ba, kuma gwiwar da ta kumbura ko aka taɓa yi wa aiki tana iya ba da amsar ƙarya.

A ɗakin haihuwa

Inda wannan ɗan bugu ya fi yin aiki kullum a wurinmu shi ne gadon mai jijjigar ciki. Maganin da ake ba ta, maganiziyam salfet, yana hana jijjiga, amma idan ya taru a jini yana toshe mahaɗar da ke tsakanin jijiya da tsoka. Sa'ar da aka yi ita ce harbin gwiwa ne ke fara ɓacewa, numfashi yana biyo baya. Don haka a tsarin allurar ɗuwawu, inda ake ba da giram 5 duk awa 4, ungozoma ba ta zuƙo allura ta gaba sai ta duba abu uku: gwiwa tana harbawa, numfashi ya kai 16 a minti, fitsari ya kai mililita 30 a awa, tun da ta ƙoda maganin ke fita.

A buga tun kafin allurar farko a rubuta, domin mai wannan ciwo sau da yawa harbinta da zafi yake farawa, kuma wadda ta karɓi aiki da tsakar dare tana bukatar sanin daga ina aka taso. Matar tana kwance, saboda haka hannu ƙarƙashin gwiwa, a ɗaga, a buga. Idan an yi mata allurar kashe ƙugu don fiɗa, gwiwa ba za ta amsa ba ko da maganin bai yi yawa ba, sai a koma gwiwar hannu. Idan harbi ya ɓace, a dakatar da allurar, a ƙirga numfashi da agogo minti cikakke, a kira likita. Idan numfashin ya yi ƙasa sosai ko ya tsaya, a taimaka mata da jakar numfashi, a ba da kalsiyam gulukonat giram 1, wato mililita 10 na mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ta jijiyar jini a hankali. Kwalbarsa a kan teburin da ke gefen gadon take zama, tare da gudumar.